Ayatul Kursiyyu: Me Take Cewa, Kuma Me Ya Sa Ake Karanta Ta?

Bayan Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, da wuya a sami abin da Musulmi suka haddace cikin Alƙur'ani kamar Ayatul Kursiyyu. Uwa na tofa wa ɗanta ita in zai kwanta, direba na karanta ta kafin ya tada mota, ana ganin ta rataye a shaguna da falo. Sai dai in aka tsayar da mutum goma aka ce su faɗi abin da ayar ke cewa, yawancinsu za su ce ayar tsari ce, su tsaya nan. Ayar kuwa daga farkonta har ƙarshenta babu roƙo a cikinta, babu ambaton ɓarawo ko aljani ko maye. Bayani ne kawai a kan Allah. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi wa malamai a kanta.

A ina take cikin Alƙur'ani?

Tana cikin Suratul Baƙara, wadda aka saukar a Madina, kuma ita ce aya ta 255 a bugun Hafsu. Ga masu bin izu, tana farkon izu na biyar, wato farkon juzu'i na uku. Wanda ya yi karatun allo da ruwayar Warshu kada ya rikice in ya buɗe nasa Alƙur'anin ya ga lambar ta bambanta. Malaman Madina da na Kufa sun saɓa wajen ƙirga kan ayoyi, har ma a ƙirgar da yawancin bugun Warshu ke bi, farkon ayar har zuwa Alƙayyumu ana lissafa shi aya ce mai zaman kanta. Kalmomin dai ba su ƙaru ba, ba su ragu ba.

To me ayar ke cewa?

Ibnu Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan Hijira, ya ce a tafsirinsa ayar ta ƙunshi jimloli goma, kowace tana tsaye da kanta. Abin da ya fi amfani ga mai karatu shi ne ya ga yadda kowace jimla ke ɗora wa ta gabanta.

Ta fara da cewa babu wanda ya cancanci a bauta masa sai Allah. Nan take sai ta kawo dalili da sunaye biyu, Alhayyu da Alƙayyumu. Na farko shi ne mai rai wanda ransa ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, kuma ba wani ya ba shi ba. Na biyu shi ne wanda yake tsaye da kansa, ba ya buƙatar kowa, alhali kowane abu da shi yake tsaye. Duk wanda ɗan Adam ke dogara da shi, uba ne ko sarki ko mai gida a wurin aiki, ransa na aro ne, shi ma wani ke riƙe da shi.

Jimla ta uku ita ce ta fi taɓa zuciyar mai shirin kwanciya. Ta ce gyangyaɗi ba ya kama Allah, balle barci. Ka ɗauki maigadi ka biya shi albashi, ka saya masa tocila da gora, amma in dare ya raba, kansa zai soma sunkuyawa ko da ba ya so, domin jiki ne da shi. Daƙiƙa ɗaya ta gyangyaɗi ta isa ɓarawo ya haura katanga. Ayar ta fara kore ƙaramin abin, sannan ta kore babban, don kada wani ya ce ai ko bai yi barci ba yana iya ɗan gafala. A cikin Sahihu Muslim, Abu Musal Ash'ari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya a cikinsu ya gaya musu cewa Allah ba ya barci, kuma barci bai ma dace da shi ba.

Daga nan sai maganar mallaka: duk abin da ke sammai da ƙasa nasa ne. Abin da kake tsoro nasa ne, abin da kake tsoron rasawa shi ma nasa ne. Sai maganar ceto, wadda aka kawo da siffar tambaya, cewa wane ne zai iya yin ceto a wurinsa ba da izininsa ba. Sai ilimi ta fuska biyu: ya san abin da ke gaban bayi da abin da ke bayansu, su kuwa ba su san komai daga iliminsa ba sai abin da ya so su sani. Sai Kursiyyu, wanda ya yalwaci sammai da ƙasa. Sai jimla ta tara, cewa kiyaye sammai da ƙasa ba ya yi masa nauyi. Ta rufe da sunaye biyu kamar yadda ta buɗe da biyu, Al'aliyyu da Al'azimu, Maɗaukaki Mai girma.

A ganina jimla ta tara ce mahaɗar ma'anar ayar da yadda mutane ke amfani da ita. Wanda tsaron sammai da ƙasa bai gajiyar da shi ba, tsaron mutum ɗaya a ɗaki ɗaya har wayewar gari ba komai ba ne a wurinsa. Mai karanta ayar da fahimta bai furta roƙo da baki ba, amma ya ambaci dukan dalilan da ke sa a miƙa wa Allah tsaro: ba ya mutuwa, ba ya barci, shi ke da komai, babu mai shiga tsakani sai ya yarda, ya san abin da ke tafe, ba ya gajiya.

Maganar ceto fa? Ba Annabi ne zai cece mu ba?

Shi ne, kuma ayar ba ta kore haka ba. Abin da ta kore shi ne tunanin mushrikan Larabawa, waɗanda suka ɗauka gumakansu na da alfarma a wurin Allah, irin alfarmar da ba a iya ƙin ta. Ayar da ke gabanta, ta 254, ta gargaɗi muminai su ciyar kafin ranar da ciniki da abota da ceto ba za su yi amfani ba, sai Ayatul Kursiyyu ta zo ta bayyana cewa ceton da zai yiwu shi ne wanda Allah ya yi wa izini. Doguwar ruwayar ceto da ke Bukhari da Muslim ta nuna haka ƙarara. Mutane za su bi annabawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tura su gaba, har su zo wurin Annabi Muhammadu. Shi ma ba zai fara da roƙo ba. Zai faɗi ya yi sujada, ya yabi Ubangijinsa, sai an ce masa ya ɗaga kai ya roƙa sannan ya yi ceto. Malamai sun haɗa wannan da wasu ayoyi na Suratul Anbiya'i da Suratun Najmi suka ce sharaɗi biyu ne, izinin Allah ga mai ceto da yardarsa ga wanda za a ceta.

Mene ne Kursiyyu? Shi ne Al'arshi?

Mutane da yawa na haɗa su, kuma akwai ruwayar da aka jingina wa Hasanul Basari cewa abu ɗaya ne. Amma Ibnu Kasir ya ce abin da ya inganta shi ne Kursiyyu daban, Al'arshi daban, kuma Al'arshi ya fi girma. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Abu Zarrin, inda aka kwatanta sammai bakwai a gefen Kursiyyu da zoben da aka jefa cikin hamada, aka kuma ce fifikon Al'arshi a kan Kursiyyu kamar fifikon wannan hamadar ne a kan zoben.

An ruwaito fassara biyu daga Abdullahi ɗan Abbas. A ɗaya ya ce Kursiyyu shi ne wurin ƙafafu biyu, Al'arshi kuwa babu mai iya ƙaddara girmansa sai Allah. Hakim ya kawo wannan a Mustadrak a matsayin maganar Ibnu Abbas ce, ba ta Annabi ba. A ɗayar, ta hanyar Sa'idu ɗan Jubairu, ya ce ana nufin ilimin Allah. Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya kawo ra'ayoyin nan duka a tafsirinsa. Saboda haka in ka ji malami a tafsirin azumi ya fassara shi da ilimi, wani kuma ya ce halitta ce ta gaske, kowannensu akwai inda ya ɗauko. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne Allah ba ya kama da halittarsa, ba ya buƙatar Kursiyyu ko Al'arshi, shi ne ma ke riƙe da su. Duk surar da ta zo wa mutum a zuci ta wani sarki zaune a kan karaga, ya watsar da ita. Kalmar ta zo sau biyu kacal a Alƙur'ani, nan da kuma Suratu Sad, inda ake maganar karagar Annabi Sulaimanu.

Wa ya ce ita ce aya mafi girma?

Annabi ne ya tabbatar, amma ta bakin wani sahabi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya kira Ubayyu ɗan Ka'abu da alkunyarsa, Abul Munziri, ya tambaye shi wace aya ce mafi girma cikin abin da ya haddace na Littafin Allah. Ubayyu ya yi ladabi ya mayar da sani ga Allah da Manzonsa. Annabi ya sake tambayarsa. Sai ya ambaci Ayatul Kursiyyu. Annabi ya bugi ƙirjinsa, ya taya shi murna da ilimin da Allah ya ba shi.

Ina son a lura da abin da aka yaba. Ubayyu yana cikin manyan mahaddata na sahabbai, ayoyi dubbai ne a kansa, kuma ba a gaya masa amsar tun farko ba. Ya gano ta ne don ya fahimci cewa girman magana yana bin girman abin da take magana a kai, kuma babu aya guda da ta tara siffofin Allah kamar wannan. Annabi ya kira wannan ganewar ilimi. Dukan Alƙur'ani maganar Allah ce, ta wannan fuskar babu fifiko. Fifikon yana cikin abin da ayar ta ƙunsa.

Akwai kuma hadisin Abu Umama a littafin Ibnu Majah da ke nuna sunan Allah mafi girma yana cikin surori uku, Baƙara da Ali Imrana da Ɗaha. Da malamai suka duba sai suka ga sunayen nan biyu, Alhayyu da Alƙayyumu, sun zo a haɗe a waɗannan surorin uku: aya ta 255 a Baƙara, ta 2 a Ali Imrana, ta 111 a Ɗaha. Daga nan wasunsu suka ce su ne sunan mafi girma. Ra'ayi ne mai ƙarfi, ko da yake akwai masu cewa sunan Allah ne da kansa.

Daga ina aka samo karanta ta lokacin kwanciya?

Daga wani labari da ya faru da Abu Huraira, wanda ke cikin Sahihul Bukhari. Annabi ya wakilta shi ya tsare abincin zakkar Ramadan. Da dare sai ga wani yana ɗibar abincin da hannu bibbiyu. Abu Huraira ya cafke shi ya ce zai kai shi gaban Annabi. Mutumin ya yi ta magiya, ya ce mabuƙaci ne, ga iyali, ga tsananin rashi. Tausayi ya kama Abu Huraira ya sake shi.

Da gari ya waye, kafin ya ce komai, Annabi ya tambaye shi yadda suka ƙare da wanda ya kama jiya. Da ya ba da labari, Annabi ya ce ƙarya ya yi masa, kuma zai dawo. Abu Huraira ya yi kwanto. Dare na biyu ya sake kama shi, ya sake jin kuka iri ɗaya tare da alkawarin ba zai ƙara ba, ya sake sakinsa. Annabi ya maimaita masa abin da ya faɗa jiya. A dare na uku Abu Huraira ya ce yau kam babu saki, kullum alkawari kullum dawowa. Sai ɓarawon ya nemi fansar kansa da wani abu. Ya ce a sake shi ya koya wa Abu Huraira kalmomin da Allah zai amfane shi da su: in ya je shimfiɗarsa ya karanta Ayatul Kursiyyu har ƙarshenta, mai tsaro daga Allah ba zai rabu da shi ba, kuma shaiɗan ba zai kusance shi ba har safiya. Sahabbai kuwa mutane ne masu kwaɗayin alheri, sai ya sake shi. Da safe Annabi ya ce masa wannan karon ya faɗa masa gaskiya, ko da yake shi babban maƙaryaci ne, sannan ya sanar da shi cewa shaiɗan ne yake magana da shi dare uku.

Hujjar da ke cikin labarin nan ita ce tabbatarwar Annabi. Da Abu Huraira bai kai maganar gabansa ba, da ba ta zama abin aiki ba, domin ba a karɓar addini daga bakin aljani. Wannan ya shafi abin da muke gani a wuraren ruƙiyya, inda mai aljanu zai yi magana, a ce aljanin ya ce a yanka kaza iri kaza, ko ya ce wance ce ta turo shi, mutane su ɗauka su gina gaba a kai har zumunci ya lalace. Wanda Annabi da kansa ya kira maƙaryaci, yau da wahayi ya yanke, wa zai tantance mana gaskiyarsa daga ƙaryarsa? Abu na biyu, an ce a karanta ta har ƙarshe. Masu tsayawa a rabi don barci ya ci ƙarfinsu su daure su kammala, ayar ba ta kai minti ɗaya ba.

Bayan sallar farilla fa, da safe da yamma?

Na bayan salla ya zo ne daga Abu Umama, Nasa'i ya ruwaito a littafinsa na ayyukan yini da dare, Ɗabarani ma ya kawo shi. Ma'anarsa ita ce wanda ya karanta ta bayan kowace sallar farilla, babu abin da ya rage tsakaninsa da Aljanna sai mutuwa. An yi taƙaddama a kan wannan hadisin. Ibnul Jauzi ya saka shi cikin littafinsa na hadisan ƙarya, amma Ibnu Hibban ya inganta shi, Ibnu Hajar ya yi wa Ibnul Jauzi raddi, a wannan zamanin kuma Albani ya inganta shi. Mafi yawan malamai suna aiki da shi. A lura da kalmar kowace, domin falalar tana tare da dawwama. Mutum ya sallame, ya yi istigfari da zikirin da aka saba, sannan ya karanta ta sau ɗaya.

Na safe da yamma ya zo a labarin Ubayyu ɗan Ka'abu da wani aljani da ke rage masa dabino, wanda Nasa'i da Hakim suka ruwaito, kuma nan ma Annabi ya gaskata maganar. In an haɗa duka, sau takwas ke nan a yini: biyar bayan salloli, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ɗaya a kan shimfiɗa.

Duk falalar da ake yaɗawa a kanta ta inganta?

A'a. Ruwayar da ke cewa tana tsare gidan mai karatu da gidajen maƙwabtansa, Baihaƙi da ya kawo ta shi da kansa ya ce isnadinta mai rauni ne. Wadda ke kiran ta shugabar ayoyin Alƙur'ani tana cikin Tirmizi, amma ya nuna akwai magana a kan ɗaya daga masu ruwayarta. Saƙonnin da ke yawo a waya kuwa, masu cewa a karanta ta sau kaza a sami kuɗi cikin kwana kaza, ko a tura wa mutum goma in ba haka ba masifa ta biyo baya, ba su da tushe a Bukhari ko Muslim ko wani littafin Sunan. Alamar da za a gane su ita ce adadi mai ban mamaki, alkawarin abin duniya da wa'adi, da rashin sunan sahabi ko littafi. Babu laifi mutum ya maimaita ayar iya son ransa, karatun Alƙur'ani ne, kowane harafi da ladansa. Laifin yana cikin jingina wa Annabi adadi da sakamakon da bai faɗa ba.

Na karanta, amma an yi mini sata. Ina tsarin?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma bai kamata a yi wa mai yin ta tsawa ba. A koma ga abin da hadisin ya yi alkawari: mai tsaro daga Allah, da nisantar shaiɗan. Bai ce mumini ba zai yi asara ko ciwo ba. Annabi, wanda aka saukar wa ayar, an raunata fuskarsa a Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, ya yi zazzaɓi mai tsanani, ya binne 'ya'yansa. Ayar da kanta ta amsa tambayar, tun da ta ce dukiyar duka ta Allah ce, kuma ba mu san komai daga iliminsa ba sai abin da ya so. Mun ga abin da ya same mu, wanda aka kawar mana kuwa ba mu da labarinsa.

Karatun kuma ba ya ɗauke wa mutum bin sababi. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. A kulle ƙofa, a duba birki da taya kafin tafiya. Yaron da ke suma ko jijjiga da zazzaɓi a tofa masa ayar a kan hanyar asibiti, kada a zauna da shi a gida ana cewa iska ce, domin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna kawo irin wannan, kuma jinkirin 'yan sa'o'i na iya kashe yaro.

Sai da alwala ake karanta ta? Mai haila fa?

Karatu da ka ba ya buƙatar alwala, taɓa Mus'hafi ne ke buƙata. A mazhabar Malikiyya, mace mai haila tana iya karatu da ka. Mai janaba ne aka hana wa karatu, shi ma an yi masa rangwamen ɗan abin da zai nemi tsari da shi, kuma masu sharhin Mukhtasar na Khalil sukan ba da misali da wannan ayar. Don haka babu daren da mutum zai kwanta bai karanta ta ba saboda rashin tsarki.

Rataye ta a bango ko a mota ya wadatar?

Duk hadisan da suka gabata a kan karantawa suke magana. Game da rubuta ayoyi a yi laya, magabata sun saɓa: almajiran Abdullahi ɗan Mas'ud sun ƙi shi, wasu kuma sun yi rangwame matuƙar Alƙur'ani ne zalla. Ko a wurin masu rangwame, ba a yarda a wulaƙanta rubutun ba, kuma wannan ne ke yawan faruwa, sitika ta ɓare daga gilashin mota ta faɗa kwata, kalanda ta tsufa a naɗe ƙosai da ita. Wanda ya rataye ta don ta tuna masa ya karanta ya yi daidai.

Wane kuskure aka fi yi wajen karanta ta?

Mafi yawa daga sauri ne. Kalmar da ke nufin gyangyaɗi sinatun ce, da wasalin ƙasa. In aka ce sanatun, ta koma shekara, ma'anar ta tashi. Haka kalmar da ke nufin yi wa mutum nauyi, ya'uduhu, da hamza take. Wanda ya matse ta ta koma ainun ya shiga wata kalmar mai nufin komawa. Akwai kuma bambancin da ba kuskure ba ne: mai Warshu yana sassauta hamzar da ke cikin kalmar kamawa a jimla ta uku, yana kuma haɗe ta kalmar ƙasa, mai Hafsu yana bayyana su. Duka biyun ingantattu ne, kada ɗan Islamiyya ya gyara wa kakansa abin da ba gyara ba ne.

Hanyar gyara ita ce a karanta wa malami ko mahaddaci ita baki da baki, ya saurara ya tsayar da kai inda ka karkace. Don ma'ana kuwa, tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi tana samuwa a masallatai da shagunan littattafai. A ɗauki jimla ɗaya kowace rana a haɗa Larabcinta da Hausarta, cikin kwana goma an gama. Yara ma haka ya kamata a koya musu, jimla da ma'anarta tare, a fara da ta uku in suna tsoron duhu.